Sefsis a ɗakin gaggawa: yadda ake gane shi, da abin da ake yi a awannin farko

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce, wata huɗu ke nan da aka turo ni ɗakin gaggawa na wani asibitin ƙaramar hukuma. Ina yawan ganin ana rubuta "sefsis" a katin duk mai zazzaɓi mai zafi, wani ma jikinsa ba zafi amma sai a rubuta masa. Mene ne ainihinsa, yaya zan gane shi da wuri, ruwa nawa ake ɗaurawa, kuma me ya sa wasu ba sa samun sauƙi duk da an yi musu allurar antibayotik mai ƙarfi?

Wa alaikumus salam, Sista. Wanda ya rubuta wa mai sanyin jikin nan sefsis, mai yiwuwa ya fi wanda ya rubuta wa mai zazzaɓin gaskiya, domin zafin jiki ba shi ne ma'aunin ba.

Ƙwayar cuta ta shiga huhu, ko mahaifa, ko mafitsara, jiki ya tashi ya yaƙe ta, a yi zazzaɓi, a sha magani a warke: wannan kamuwa da cuta ce ta yau da kullum. Sefsis yana farawa ne lokacin da martanin da jiki ke mayarwa ya wuce gona da iri, har ya shiga lalata gaɓoɓin da ba su da alaƙa da inda cutar take. Jijiyoyin jini su saki su buɗe, bangonsu ya riƙa yoyon ruwa zuwa cikin tsoka da huhu, ƙananan hanyoyin jini su toshe da gudaji. Sai ki ga cutar tana mahaifa amma ƙoda ta daina fitar da fitsari, ƙwaƙwalwa ta rikice, numfashi ya ɗauki sauri. Ma'anar da masana suka tsayar a 2016, wadda ake aiki da ita yanzu, ke nan: gazawar gaɓoɓi mai barazana ga rai, wadda rikicewar martanin jiki ga ƙwayar cuta ta haifar. Kafin nan, tun farkon shekarun 1990, ana dogara ne da zafin jiki, bugun zuciya, numfashi da yawan fararen ƙwayoyin jini. An daina amfani da wannan ma'auni a matsayin ma'ana saboda kusan duk mai mura mai zafi yana cika shi, wasu kuma masu mutuwa ba sa cika shi. Idan abin ya kai jini ya ƙi tashi duk da an ba da isasshen ruwa, sai an haɗa da maganin matse jijiya, kuma sinadarin laktet a jini ya haura 2, to an shiga shok, inda mutuwa ta fi yawa.

Saboda haka tambaya biyu za ki riƙa yi wa kanki a gaban kowane gado. Akwai alamar ƙwayar cuta a wani wuri? Akwai gaɓar da ta fara gazawa? In amsar duka biyun e ce, ki ɗauke shi a matsayin sefsis har sai an tabbatar da wani abu daban.

Bari in kawo miki wata mai jego da na taɓa karɓa, domin duk abin da kika tambaya yana cikin labarinta. Shekarunta 24, nauyinta kilo 55, kwana biyar da haihuwa a gida. A kwana na uku ta fara zazzaɓi da rawar sanyi, aka je kemis aka yi mata gwajin maleriya, aka ba ta magani. Ranar da aka kawo ta, surukarta ta ce min, "Likita, zazzaɓin ma ya sauka, rashin ƙarfi ne kawai, kuma tun jiya maganarta ba kan gado." Na auna: zafin jiki 35.9, bugun zuciya 124, numfashi 28 a minti ɗaya, awon jini 84 bisa 50. Hannunta da ƙafarta sanyi ƙalau. Na tambayi yaushe ta yi fitsari, aka dubi juna, sai ƙanwarta ta ce tun asubar jiya.

Saukar zazzaɓin da dangi suka ɗauka sauƙi ne, shi ne abin da ya fi tayar min da hankali. Mai sefsis da jikinsa ya yi sanyi ƙasa da 36 ya fi mai zafi 39 shiga haɗari. Tsofaffi, jarirai, masu ciwon suga da waɗanda suka sha farasitamol awa ɗaya kafin zuwa, duk suna iya zuwa miki ba zazzaɓi.

Alamar da na fi so ki riƙe ita ce numfashi. Shi ne yake fara canzawa, sau da yawa awanni kafin jini ya faɗi, domin jiki yana ƙoƙarin fitar da tsamin da ya taru a jini. Kuma shi ne abin da aka fi yi wa ƙarya a takardar awo. Ki buɗe kowace takarda a ɗakinku ki gani, 20, 20, 22, 20, kamar an buga da hatimi. Ki tsaya da agogo ki ƙirga minti ɗaya cur, kina riƙe da hannunsa kamar bugun jijiya kike ji don kada ya lura ya canza numfashin. Akwai ɗan ma'auni da ake kira qSOFA mai abu uku: numfashi 22 ko fiye, lambar sama ta awon jini 100 ko ƙasa, da canjin hankali. Wanda ya cika biyu yana cikin haɗari. Mai jegon nan ta cika ukun. Amma ki san iyakarsa: ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na 2021 sun ce kada a dogara da shi shi kaɗai wajen tantancewa, saboda yana barin mutane da yawa su wuce. Matashi mai ƙarfi yana iya riƙe jininsa a 110 har sai ya kusa ƙarewa. Shi kuma dattijon da ya saba da 170, in kin same shi a 110 to jininsa ya riga ya faɗi, ko da lambar ta yi miki kyau.

Canjin hankali ba sai mutum ya suma ba. Yawan barci, maimaita tambaya ɗaya, fizge-fizge, ko shirun da ba halinsa ba. Dangi sun fi ki sanin wannan, don haka in uwa ta ce "ba haka yake ba," ki rubuta. Sai ki danna farcen yatsa na daƙiƙa biyar ki saki: in jan bai dawo ba cikin daƙiƙa uku, jini ba ya isa gefe. Sai fitsari. Waɗannan duka ba sa buƙatar wutar lantarki ko ɗakin gwaji.

Ga wani tarko da ya kama mu duka a nan yankin. Gwajin maleriya ya nuna akwai, sai hankalin kowa ya kwanta, a rufe bincike. A lokacin damina mutane da yawa suna yawo da ƙwayar maleriya a jini, gwajin gaggawa kuma yana iya ci gaba da nunawa makonni bayan an warke. Samun maleriya bai hana a samu wata ƙwayar tare da ita ba. In mutum yana da alamun gazawar gaɓa, ki ba da maganin maleriyar in ta tabbata, a haɗa da antibayotik, a ci gaba da neman inda cutar take.

Yanzu ruwa. Abin da ke cikin ƙa'ida ga babban mutum da jininsa ya faɗi ko laktet ɗinsa ya hau shi ne mil 30 a kan kowane kilo cikin awa uku na farko. Ga mai kilo 55, mil 1,650 ke nan, leda uku da ɗan ƙari. Ruwan da ake so shi ne Ringa laktet, in babu sai nomal salin. Ruwan suga na kashi 5 ba na farfaɗo da jini ba ne, ba ya zama cikin jijiya, amfaninsa daban. Kuma ki sa babbar kanula, mai ruwan toka ko koriya, guda biyu in da hali. Shuɗiyar nan da ake saurin ɗauka saboda sauƙin shiga ba ta shigar da ruwa da sauri kamar waɗancan.

Sai dai wannan lamba ta mil 30, su kansu waɗanda suka rubuta ta sun sassauta ƙarfinta a 2021, suka mai da ita shawara mai rauni. Kuma manyan bincike biyu da aka yi a Afirka sun koya mana tsoro. A 2011 an fitar da sakamakon binciken FEAST, wanda aka yi a Yuganda, Kenya da Tanzaniya a kan yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani da alamun ƙarancin zagayawar jini. Yaran da aka ɗura wa ruwa da sauri, kusan kashi 10.5 cikin ɗari suka rasu cikin awa 48. Waɗanda aka ba ruwa a hankali, kashi 7.3. A 2017 kuma aka fitar da wani daga Lusaka ta Zambiya a kan manya, akasarinsu masu ɗauke da ƙanjamau: waɗanda aka bi da su da tsarin ruwa mai yawa, kashi 48 suka rasu a asibiti, waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba kuma kashi 33. Abin da na fahimta daga nan shi ne, a inda babu na'urar taimakon numfashi, ruwan da ya wuce kima ya sauka a huhu ba ki da hanyar ceto mai shi. Yara dai suna da tasu ƙa'idar, kada ki ɗauki lissafin manya ki kai musu. Wanda kuma gudawa da amai suka zubar wa ruwa, kamar mai kwalara, nasa lissafin daban ne, shi ruwa mai yawa yake buƙata.

Ga mai jego a Arewa akwai ƙarin dalilin taka-tsantsan. Yankinmu yana cikin wuraren da ciwon raunin zuciya na bayan haihuwa ya fi yawa a duniya, tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka yi rubutu a kai. Mai jego da ta zo da haki da saurin bugun zuciya tana iya zama sefsis, tana iya zama zuciya, tana iya haɗa biyun. Kafin ki buɗe leda ki dubi jijiyar wuyanta ko ta cika, ki dubi ƙafa ko ta kumbura, ki saurari ƙasan huhu, ki tambaya ko tana iya kwanciya a miƙe. Ki buɗe ido ki ga ko fari fat ne, domin wadda jininta ya ƙare, ƙarin jini take buƙata, ruwa zai ƙara tsinka ɗan abin da ya rage ne kawai.

To yaya ake yi? Leda ɗaya, mil 500, cikin minti 15 zuwa 30, sannan ki dawo ki sake awo da hannunki. Bugun zuciya ya ragu? Jini ya ɗaga? Farce yana dawowa da sauri? Ta fara gane mutane? In e, kuma huhu a bushe, ki ƙara wata. In numfashi ya ƙaru, ko iskar jini ta fara sauka a na'urar yatsa, ko kin ji ƙarar ruwa a ƙasan huhu, ki rage gudu nan take ki kira likita. Ga wanda kike zargin zuciyarsa, mil 250 ne a lokaci guda. Abin da ake nema shi ne matsakaicin awon jini ya kai 65. Lissafinsa: ki ninka lambar ƙasa sau biyu, ki tara da ta sama, ki raba uku. Na mai jegon nan, 50 sau biyu 100, da 84 ya zama 184, raba uku ya ba da 61. Sai katita, domin fitsarin da ba a auna ba zato ne kawai. Ana son aƙalla rabin mil a kowane kilo a awa ɗaya, wato kusan mil 28 a wurinta.

Bayan leda biyu jininta ya koma 92 bisa 56, bugun ya sauko 112. Bayan ta uku, 96 bisa 58, wato matsakaici kusan 71, kuma huhunta lafiya. Nan muka tsaya da gudu. Da a ce ta sha ledoji ukun nan jini bai motsa ba, amsar ba leda ta biyar da ta shida ba ce. Jijiyoyin ne suka saki, sai a matse su da noradirenalin, ko adirenalin in shi ke akwai, kuma ana iya farawa ta kanula mai kyau a babbar jijiyar hannu kafin a samu ta wuya. In asibitinku ba ya iya wannan, lokacin tura ta gaba ke nan, da ruwa a hannu da allurar farko a jiki.

Antibayotik ba ya jiran ruwa ya ƙare, tare suke tafiya, dalilin kanula biyu ke nan. Ga wanda ke cikin shok, ko wanda alamunsa suka nuna sefsis ƙarara, ana son maganin ya shiga jijiya cikin awa ɗaya daga lokacin da aka gane. Ga wanda jininsa bai faɗi ba kuma ana shakkar ko ƙwayar cuta ce ma, an ba da sarari har awa uku a yi bincike cikin hanzari, don kada a riƙa watsa magani ga kowa. Wani sanannen bincike na 2006 a kan masu shok ya nuna damar rayuwa tana raguwa da kusan kashi 7.6 cikin ɗari a kowace awa ta jinkiri. Binciken da suka biyo baya sun samu lambobi ƙasa da haka, musamman ga waɗanda ba sa cikin shok, amma duk sun nuna jinkiri yana kisa ga wanda jininsa ya faɗi.

In akwai kwalaben kalca, wato na gwajin gano ƙwayar cuta a jini, a ɗebi jini kafin allura, wajen mil 10 a kowace kwalba, daga wuri biyu. In neman kwalbar zai ci fiye da minti 45, a bar ta a yi allurar. A gaskiya ba kalca ke jawo mana jinkiri ba. Likita ya rubuta da ƙarfe huɗu, an miƙa wa miji takarda, ya tafi neman kuɗi, ya dawo bayan magariba, sannan aka ce ai "sau biyu a rana" ne, sai a jira zagayen ƙarfe goma na dare. Awa shida ta tafi, kowa kuma yana ganin ya yi aikinsa. Allurar farko ba ta bin jadawalin zagaye. Ki rubuta lokacin da ta shiga jijiya, da minti. In za ki iya shawo kan shugabar ɗakinku a ajiye allurar farko a akwatin gaggawa, a biya daga baya, kin yi abin da ya fi kowace lacca amfani.

Wane magani? Ya danganta da inda ake zargin cutar da tsarin asibitinku. Ita mun ba ta seftiriyakzon giram 2 da metironidazol, wato filajil, miligiram 500 ta jijiya. Akwai haɗin amfisilin da jentamisin da metironidazol da aka daɗe ana amfani da shi ga masu jego, amma da yake ƙodarta ta riga ta ja baya, na kauce wa jentamisin. Kuma ki sani ba a rage allurar farko saboda tsoron ƙoda, gyaran adadi daga ta biyu yake farawa. Kada kuma ki manta da auna suga da sa iskar oksijin in ta yi ƙasa.

Saura tambayarki ta ƙarshe, wadda a wurina ta fi sauran nauyi. Antibayotik jini ne ke kai shi inda zai yi aiki. Mugunyar da ta taru a rami, naman da ya mutu, guntun mabiyiya da ya maƙale, robar da ke cikin jijiya, duk jini ba ya shiga cikinsu. Ƙwayoyin suna zaune a can suna hayayyafa, suna ta turo dafi. Ko da maganin da ya fi kowane tsada a kantin kika kawo, iyakarsa bakin ramin. Shi ya sa idan mara lafiya bai juyo ba, kafin a ce "a canza magani," a fara tambayar me aka bari a ciki.

Mai jegon nan ta ɗan farfaɗo da yamma, har ta sha ruwa. Amma tun da na taɓa cikinta na ji mahaifar tana sama kusa da cibiya, alhali a kwana na biyar ya kamata ta yi ƙasa sosai, ga taushi, ga zafi in an danna. Jinin biƙin yana wari, bakin mahaifa a buɗe. Da na sake tambaya, sai ungozomar da ta biyo su ta ce mabiyiyar ta daɗe ba ta faɗo ba, sai da aka ja. Sikanin ya nuna saura a ciki. A daren muka yi mata wankin mahaifa, bayan ruwa da allura sun shiga, a hankali ƙwarai, domin mahaifar jego mai ciwo tana da saurin hujewa, da oksitosin a shirye saboda zubar jini. Da an ce a bari sai ta "ƙara ƙarfi" zuwa safiya, da ƙarfin bai zo ba, tunda abin da ke cin ta yana nan. Ƙa'idar 2016 ta ce kada a wuce awa 6 zuwa 12 bayan an gano tushen, ta 2021 kuma ta ce da zarar hali ya yi.

Neman tushe aikin ido da hannu ne, kuma sau da yawa ma'aikaciyar jinya ce ke gano shi, saboda ita ke juya mara lafiya. A yaye zane, cikin sirri da mutunci, a duba ko'ina. Ki juya shi ki ga baya da ɗuwawu, inda ƙurjin allurar kemis da gyambon kwanciya ke ɓuya. Ki cire safar mai ciwon suga ki duba tsakanin yatsu. Ki kwance bandejin tiyata ki gani da idonki. Ki dubi wurin tsohuwar kanula, in ya yi ja ko yana fitar da ruwa a cire ta, haka katitar da ta kwana biyu. Matashin da ya yi mako biyu yana zazzaɓi, sai ciki ya ɗaure ya yi tauri kamar katako, ki yi zargin taifot ta huda hanji, wannan na tiyata ne, kuma kowace awa tana ƙara masa haɗari. Dattijon da fitsari ya riƙe masa yana rawar sanyi, sa katita kaɗai na iya juya lamarinsa. Mai ciwon haƙarƙari da zazzaɓinsa ya ƙi sauka bayan kwana uku, a duba ko mugunya ta taru a ƙirji. Ciwon da ya fi abin da ido ke gani a fata, da kumburi mai yaɗuwa cikin awanni, a kira mai tiyata tun kafin fatar ta yi baƙi. Mace kuma duk wadda ke shekarun haihuwa, ki keɓe ta daga dangi ki tambaye ta al'adarta ta ƙarshe, domin ɓarin da bai fita duka ba ba a cika faɗinsa a gaban suruka ba.

Ita dai washegari da safe bugun zuciyarta 96, numfashi 20, wanda na ƙirga da kaina, jakar fitsari kuma ta tara mil 400 cikin dare. Zazzaɓi ya dawo mata 38.4, surukar ta tayar da hankali, na ce mata wannan karon jikin ne ya samu ƙarfin yin zafi. Muka ci gaba da allurai har ta yi awa 48 ba zazzaɓi, aka cire katita da kanula ɗaya, aka ƙara mata jini leda ɗaya saboda jininta ya yi ƙaranci. A kwana na shida ta koma gida tana shayar da ɗanta.